Yadda Lamba Ɗaya Ke Ɗaukar Aikin Lambobi Biyu

Ga wata tambaya da ta dace malamin lissafi ya rubuta a allo ranar da aka gama darasin tushen murabba'i. A ce an ba ɗalibi jimlar √2 + √3, aka ce masa lamba ɗaya ce, ba a ba shi √2 ita kaɗai ba, ba a kuma ba shi √3 ita kaɗai ba. An yarda masa ya tara, ya ɗebe, ya ninka, ya raba, ya kuma yi amfani da cikakkun lambobi da kasonsu, irin su 5 da 2/7, yadda ya ga dama. Shin zai iya fito da √2 daga cikin wannan jimla? Galibin ɗalibai za su ce ba zai yiwu ba, domin a ganinsu abin ya yi kama da gero da dawa da aka niƙa tare, babu mai iya ware garin wannan daga na wancan. To, amma yana yiwuwa, kuma dalilin yiwuwarsa wata ƙa'ida ce ta aljabara wadda ake koyarwa a jami'a. Za mu bi ta sannu a hankali, mu ga kuma wurin da take tsayawa.

Sai mu fara da sanin filin da ake wasan a kansa. Duk wani tarin lambobi da za a iya yin tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa a cikinsa, ban da rabawa da sifiri, ba tare da amsar ta fita daga cikin tarin ba, masana suna kiransa fili. Cikakkun lambobi su kaɗai ba fili ba ne, domin idan aka raba 1 da 2 an fita daga cikinsu. Amma lambobin kaso, wato duk lambar da za a iya rubutawa a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata cikakkiyar lamba, fili ne, kuma da harafin Q ake nuna shi. Tun zamanin Girkawan dā aka san cewa √2 ba ta cikin Q. Idan muka ce lallai sai ta shigo, dole ta shigo da danginta, wato dukan lambobi masu siffar a + b√2, inda a da b lambobin kaso ne. Wannan sabon tari shi ma fili ne. Rabawar da ake jin tsoro ma tana yiwuwa a cikinsa, domin 1/(1 + √2) daidai yake da √2 − 1. Ana rubuta shi Q(√2), ana kuma cewa faɗaɗawa ce ta Q. Da yake lambobin kaso biyu ne, a da b, suke bayyana kowace lamba a cikinsa, sai a ce darajar faɗaɗawar 2 ce.

Yanzu sai mu kawo baƙuwa ta biyu, wato √3. Kafin a buɗe mata ƙofa, wajibi ne a tabbata cewa ba ta riga ta kasance a ciki ba. Wannan ba tsautsayi ba ne na banza: wanda ya ɗauki √2 da √8 yana zaton baƙi biyu ya kawo, alhali √8 daidai take da 2√2, 'yar gida ce. To, a ce √3 = a + b√2. Idan aka ninka kowane ɓangare da kansa, za a sami 3 = a² + 2b² + 2ab√2. Da a ce ab ba sifiri ba ne, da an rubuta √2 a matsayin kaso, wannan kuwa ba ya yiwuwa. Ke nan ko dai b sifiri ne, sai √3 ta zama kaso, ko kuma a sifiri ne, sai (2b)² ya zama 6, wato √6 ta zama kaso. Dukan biyun ƙarya ne. Saboda haka √3 baƙuwa ce ta gaskiya, kuma filin da ya haɗa su biyun, Q(√2, √3), ya ƙunshi dukan lambobi masu siffar

a + b√2 + c√3 + d√6

Ta huɗun, √6, babu wanda ya gayyace ta. Ninka √2 da √3 ne ya haife ta. Darajar wannan fili a kan Q ita ce 4.

Mu koma ga tambayar da ke allo. Mu kira jimlar da suna γ, wato γ = √2 + √3. Idan muka ninka ta da kanta sau biyu da kuma sau uku, ga abin da zai fito:

γ² = 5 + 2√6

γ³ = 11√2 + 9√3

Mai karatu ya dubi layi na biyu da kyau. A cikin γ akwai √2 ɗaya da √3 ɗaya, amma a cikin γ³ rabon ya sauya, an sami goma sha ɗaya da tara. Wannan bambanci shi ne ƙofar shiga. Idan aka ɗebe 9γ daga γ³, dukan √3 za su tafi, a bar 2√2. Idan kuma aka ɗebe γ³ daga 11γ, √2 ce za ta tafi. Ke nan

√2 = (γ³ − 9γ)/2

√3 = (11γ − γ³)/2

Wanda ke da na'urar lissafi sai ya gwada. γ tana kusa da 3.1463, γ³ kusa da 31.1448, 9γ kuwa kusa da 28.3164. Bambancinsu 2.8284 ne, rabinsa 1.4142, wato √2. Af, kada kusancin 3.1463 da π ya ruɗi kowa. Dacewa ce kawai, sun rabu tun a gurbi na uku bayan ɗigo.

Ma'anar wannan ita ce, duk filin da γ ta shiga, √2 da √3 sun shiga tare da ita. Don haka Q(√2, √3) da Q(γ) fili ɗaya ne. Lamba irin wannan, wadda ita kaɗai ta isa ta tsai da dukan faɗaɗawa, za mu kira ta ginshiƙin fili. Daga γ² − 5 = 2√6 kuma, idan aka sake ninka kowane ɓangare da kansa, za a ga cewa γ saiwa ce ta folinomiyal ɗin nan:

x⁴ − 10x² + 1

Babu wani folinomiyal mai lambobin kaso da ya fi wannan ƙarancin daraja wanda γ ke zama saiwarsa, domin darajar filin 4 ce. Shi ne ƙaramin folinomiyal na γ, kuma ba ya tsaguwa, wato ba a iya rubuta shi a matsayin ninkin wasu ƙanana biyu masu lambobin kaso. Saiwoyinsa huɗu ne: √2 + √3, √2 − √3, −√2 + √3, da −√2 − √3, wato kimanin 3.1463, −0.3178, 0.3178 da −3.1463. A lura da cewa huɗun nan kowace daban take da 'yar uwarta. Za mu dawo kan wannan batu.

Ba kowace haɗuwa ce ke zama ginshiƙi ba. Da ninka su muka yi maimakon tarawa, da √6 muka samu, ita kuwa fili mai daraja 2 kawai take iya tsaidawa. Duk juyin da aka yi da ita ba za ta taɓa fito da √2 ba. Ko tarawar ma tana iya cin amana. A ɗauki √2 da √3 − √2. Su biyun nan suna tsai da filin nan namu mai daraja 4, amma jimlarsu √3 ce tsura, √2 ta ɓace. To, idan haka ne, sa'a muka ci da √2 + √3, ko kuwa akwai doka?

Akwai doka, ita ce ƙa'idar ginshiƙin fili. Tana cewa: idan aka faɗaɗa fili da lambobi masu iyakar adadi, kowacensu saiwa ce ta wani folinomiyal, kuma ƙaramin folinomiyal na kowacensu ba shi da saiwa mai maimaituwa, to akwai lamba ɗaya da za ta tsai da dukan faɗaɗawar. Faɗaɗawar da ƙaramin folinomiyal na kowace lamba a cikinta ba ya maimaita saiwa ita ake kira mai rarrabuwa, domin saiwoyin a rarrabe suke, babu biyu da suka hau kan juna. Évariste Galois, Bafaranshen da ya rasu a 1832 yana ɗan shekara ashirin, ya dogara da irin wannan lamba a aikinsa kan warware lissafin aljabara, aikin da Joseph Liouville ya buga a 1846. Amma sai a 1910 Bajamushe Ernst Steinitz ya bayyana fili-fili inda sharaɗin rarrabuwar yake shigowa.

Hujjar ƙa'idar ba ta fi ƙarfin ɗalibin babban aji na sakandare ba, muddin ya iya raba folinomiyal da folinomiyal. Ya isa a yi ta da lambobi biyu, α da β, domin idan uku ne sai a haɗa biyun farko su zama ɗaya, sannan a haɗa wannan da ta uku. A ce f shi ne ƙaramin folinomiyal na α, g kuma na β. Za mu nemi ginshiƙi mai siffar γ = α + cβ, inda c lamba ce daga filin asali wadda za mu zaɓa. Sai mu ƙirƙiri sabon folinomiyal, h(x) = f(γ − cx). Idan aka sa β a gurbin x, abin da ke cikin baka zai koma α, don haka β saiwa ce ta h. Ita kuma dama saiwa ce ta g. Ga folinomiyal biyu ke nan da suka yi tarayya a kan β, kuma dukan lambobin da ke jikinsu suna cikin filin da γ ta tsaida.

Abin da muke so shi ne β ta zama ita kaɗai ce saiwar da suka yi tarayya a kanta. Wata saiwa ta g, mu ce β′, za ta zama saiwar h ne kawai idan γ − cβ′ ya yi daidai da wata saiwa ta f, mu ce α′. Idan aka warware wannan, ana samun

c = (α′ − α)/(β − β′)

Saiwoyin f da na g ƙidayayyu ne, saboda haka munanan c ma ƙidayayyu ne. Lambobin kaso kuwa ba su da iyaka. Sai mu kauce wa munanan, mu ɗauki kowace daga cikin sauran. Daga nan sai a nemi babban mai raba g da h ta hanyar Yukilid, wato a yi ta rabawa ana ɗaukar saura, kamar dai yadda ake neman babban mai raba 48 da 18. Wannan hanya ba ta buƙatar komai sai ayyukan nan huɗu, don haka amsarta ba za ta fita daga filin γ ba. Tun da β ce kaɗai saiwar tarayya, kuma sau ɗaya tak ta fito a cikin g, amsar ita ce x − β. Ke nan β tana cikin filin γ, α kuma ta biyo ta, domin α = γ − cβ.

Bari mu ga wannan a aikace. A misalinmu f(x) = x² − 2, g(x) = x² − 3. Saiwoyin f su ne √2 da −√2, na g kuma √3 da −√3. Munanan c guda biyu ne: sifiri, da −√2/√3. Ta biyun ba kaso ba ce, don haka ba ta ma cikin waɗanda muke zaɓa daga cikinsu. Ashe kowace c ta kaso wadda ba sifiri ba za ta yi: √2 + 5√3 ginshiƙi ce, haka ma √2 − √3. Da c = 1 muna da

h(x) = (γ − x)² − 2 = x² − 2γx + γ² − 2

Idan aka ɗebe g daga h, x² zai tafi, saura −2γx + γ² + 1. Idan wannan ya zama sifiri, to

x = (γ² + 1)/(2γ)

A na'urar lissafi, 10.8990 a raba da 6.2925 yana ba da 1.7321, wato √3. A ganina wannan hanya ta fi ta farko daraja, ko da yake ta farkon ta fi saurin burge aji, domin ta farkon dabara ce da ta dace da wannan misali, ita kuwa wannan tana gaya mana abin da za mu yi a kowane misali. Har ma tana bayyana mana dalilin da ya sa jimlar √2 da √3 − √2 ta gaza. A can, ɗaya daga cikin 'yan uwan β ita ce √3 + √2, sai β − β′ ya zama −2√2, α′ − α ma −2√2, rabonsu kuwa 1. Wato c = 1 tana cikin munanan. Da an ɗauki c = 2 da an sami 2√3 − √2, wadda ginshiƙi ce sosai.

Saura batun rarrabuwa. A cikin hujjar, rabin jimla kawai ya ɗauka: "sau ɗaya tak ta fito a cikin g". Yaya ake gane folinomiyal mai maimaita saiwa ba tare da an nemo saiwoyin ba? Ana amfani da abin da ɗaliban kalkulas suka sani, wato a sauko da lambar da ke saman x ta zama mai ninkawa, a rage ta da ɗaya. Mu kira sakamakon tsatson folinomiyal. Tsatson x² − 3 shi ne 2x, na x⁴ − 10x² + 1 kuma 4x³ − 20x. Idan (x − β)² yana raba g, to x − β zai raba tsatson g ma, kuma akasin haka gaskiya ne. Don haka g yana maimaita saiwa ne idan ya yi tarayya da tsatsonsa a kan wata saiwa. To amma g ba ya tsaguwa, tsatsonsa kuma ya gaza shi daraja. Folinomiyal maras tsaguwa ba zai yi tarayyar saiwa da wanda ya gaza shi daraja ba, sai fa idan wancan ƙaramin sifiri ne gaba ɗaya. A cikin Q wannan ba ya faruwa, domin tsatson xⁿ shi ne nxⁿ⁻¹, kuma n ba sifiri ba ce. Shi ya sa duk faɗaɗawa mai iyakar daraja a kan Q mai rarrabuwa ce, kuma kowace tana da ginshiƙi. Wanda bai taɓa fita daga lambobin da muka saba da su ba zai iya ƙare rayuwarsa yana lissafi bai san akwai wani sharaɗi a nan ba.

Amma akwai filayen da 2 take zama sifiri a cikinsu. Mafi ƙanƙanta shi ne fili mai lambobi biyu kacal, 0 da 1, inda 1 + 1 = 0. Ba wani abin mamaki ba ne: a ɗauki 0 a matsayin "cika", 1 a matsayin "mara", mara da mara kuwa cika suke bayarwa. A irin wannan fili tarawa da ɗebewa abu ɗaya ne, kuma (a + b)² = a² + b², domin 2ab ɗin da ke tsakiya ya zama sifiri. Kuskuren da malamai ke ja wa jan biro a kowane zango, a nan shi ne daidai.

Sai mu gina fili K a kan wannan. A ɗauki haruffa biyu, s da t, waɗanda babu wata alaƙa tsakaninsu, a tara dukan kason da za a iya yi da folinomiyal na s da t masu lambobi 0 da 1, irin su (s + t)/(st + 1). A cikin K, s ba ta da tushen murabba'i, t ma haka. Sai mu shigo da √s da √t, kamar yadda muka shigo da √2 da √3. Sabon filin shi ma darajarsa 4 ce, kuma lambobinsa suna da siffar a + b√s + c√t + d√(st), inda a, b, c, d suke cikin K. Daga waje babu abin da ya bambanta shi da misalinmu na farko.

Bambancin yana cikin saiwoyi. A can √3 da −√3 lambobi biyu ne. A nan √t da −√t lamba ɗaya ce, don haka x² − t = (x − √t)². Folinomiyal ɗin ba ya tsaguwa a cikin K, amma saiwarsa ɗaya ce mai maimaituwa, tsatsonsa kuma, 2x, sifiri ne. Faɗaɗawar ba mai rarrabuwa ba ce. Mu gwada hanyarmu mu ga inda za ta karye. Da γ = √s + √t, muna da γ² = s + t. A cikin h(x), sashen nan na −2γx ya ɓace, saura x² + γ² − s, wato x² + t, wanda shi ne g ɗin kansa. Idan aka ɗebe g daga h ba a samun komai sai 0 = 0. Lambar 2γ da muka yi rabawa da ita ɗazu ta zama sifiri.

Mai taurin kai zai ce wataƙila wata lambar ta yi, in wannan ba ta yi ba. Babu wadda za ta yi. A ɗauki kowace lamba a filin, a ninka ta da kanta. Duk sassan da ke ɗauke da 2 za su faɗi, a bar

a² + b²s + c²t + d²st

wannan kuwa yana cikin K. Ke nan kowace lamba saiwa ce ta folinomiyal mai daraja 2, filin da za ta tsaida ba zai wuce daraja 2 ba, alhali ana neman 4. Wannan fili ba shi da ginshiƙi ko ɗaya.

Steinitz ya ba da wani ma'auni da ke nuna bambancin filayen nan biyu ta wata fuska: faɗaɗawa mai iyakar daraja tana da ginshiƙi idan filayen da ke tsakanin ƙaramin fili da babban ƙidayayyu ne, in kuwa ba su ƙidayuwa, ba ta da shi. Tsakanin Q da Q(√2, √3) filaye uku ne kawai: Q(√2), Q(√3) da Q(√6). Duk lambar da ba ta faɗa cikin ɗaya daga ukun nan ba ginshiƙi ce. A wancan filin kuwa, kowace c daga K tana ba da nata filin na tsakiya, wanda √s + c√t ta tsaida, kuma babu biyu da suka zo ɗaya. Da biyu sun zo ɗaya, da an ɗebe wannan daga wancan an fito da √t, sannan √s, filin ya zama mai daraja 4. Da yake K ba shi da iyaka, filayen tsakiyar ma ba su da iyaka.

Akwai wurare biyu da ɗalibai kan yi tuntuɓe. Na farko, su ɗauka cewa duk inda babu rarrabuwa babu ginshiƙi. Ba haka ba ne: K(√t) ba mai rarrabuwa ba ce, amma ga √t nan ta tsai da ita. Hasali ma, wanda ya sake karanta hujjar zai ga cewa g kaɗai aka nemi kada ya maimaita saiwa, ba a tambayi f komai ba. Sai da muka kawo marasa rarrabuwa biyu sannan ginin ya rushe. Na biyu, su ɗauka cewa duk filin da 2 ke zama sifiri a cikinsa yana da wannan matsala. Filaye masu ƙidayayyun lambobi, irin na 0 da 1, ba su da ita. Duk faɗaɗawarsu mai iyakar daraja mai rarrabuwa ce. Gaskiya ne cewa a cikinsu munanan c suna iya cinye dukan lambobin filin, hujjarmu ta rasa abin zaɓa, amma akwai wata hanya: a kowane irin wannan fili akwai lamba ɗaya wadda idan aka yi ta ninka ta da kanta za ta zagaya dukan lambobin da ba sifiri ba, ita ce kuwa ginshiƙin. Abin da ya sa muka nemo s da t ke nan; a filin 0 da 1 shi kaɗai kowace lamba tana da tushen murabba'inta a gida.

Ga aikin da malami zai iya ba aji. A ɗauki γ = √2 + √5. A nuna cewa γ³ = 17√2 + 11√5, a fito da √2 da √5 daga γ, sannan a tabbatar cewa ƙaramin folinomiyal na γ shi ne x⁴ − 14x² + 9. Bayan haka sai a sake neman √5 ta hanyar ɗebe g daga h, a kwatanta amsoshin biyu a na'urar lissafi.